Kaya ko kuɗi: wanne za ka damƙa wa ma'aikacinka na farko?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina sarin shinkafa, mai, sukari da taliya a nan Tawa, kanti guda da mangaza a bayan kasuwa. Shekara 6 ni kaɗai nake fama, yanzu aiki ya fi ƙarfina, ina so in ɗauki mutum na farko da albashi. Abokina ya ce in fara rubuta bayanin aikin da irin mutumin da nake biɗa. Ni dai mai amana nake so, ya sayar, ya kula da mangaza, ya karɓo bashi, ya riƙe kaye. Me zan rubuta?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara buɗi.

Ajiye bik ɗin tukuna, akwai aikin sati biyu a gabanka kafin rubutu. Takardun nan guda biyu ne, kuma ɗaya ce ke haifar ɗaya. Ta farko tana maganar aiki, kamar babu wani mahaluki da zai yi shi. Ta biyu tana maganar mutum, kuma duk abin da ya shiga cikinta sai ya nuna layin da ya fito daga ta farko. A shekarun da na yi ina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi tsakanin Tawa da Ƙonni, kusan kowa da ta biyu yake farawa, don tun kafin ya zauna rubutu akwai fuskar wani a ransa, ɗan ƙanwa ko ɗan maƙwabci, sai ya ɗinka rigar daidai wuyan yaron.

Ka sayi ƙaramin kaye ka sa a aljihu. Sati biyu cur, da Lahadi biyu a ciki tunda ita ce ranar kasuwarmu, duk abin da ka yi ka rubuta shi da tsawon lokacin da ya ci. Buɗe mangaza. Tsayuwa kan ƴan dako suna sauke kamyo. Cinikin farashi da mai kanti daga Keita. Zuwa Nita tura kuɗi. Bin wanda ya ce sai bayan la'asar. A gefen kowanne ka sa alama ɗaya cikin uku: wannan kaya ya taɓa, wannan kuɗi ya taɓa, wannan kuwa magana ce, wato yanke farashi, ba da bashi, ko alkawari da mai kawo maka kaya. Ranar da ka tattara, ina kyautata zaton abin da za ka gani shi ne wanda na saba gani wurin masu sari irinka: maganar da ke kawo riba ba ta cin lokaci mai yawa, kai-komo tsakanin kanti da mangaza shi ne ke cinye wuninka. Kana can kana ƙirga katon ɗin taliya a kan amalanke, mai sayen buhu 40 ya zo kanti ya tarar da kujera, ya wuce maƙwabci.

In hakan ta fito, to aikin da za ka bayar ya bayyana kansa: mai kula da mangaza, wanda ƴan ofis ke cewa magazinye. Kaya nasa, kuɗi da magana naka.

Na san abin ba zai yi maka daɗi ba, don kana son a sauke maka kayan duka. Bari in ba ka labarin abin da ya sa na kafe a nan. Wani ɗan kasuwa da na yi wa aiki ya ɗauki yaro mai hankali, mai sallah, wanda kowa a unguwa zai rantse a kansa, ya haɗa masa karɓo bashi da rubuta kayen bashi. Wata rana buƙata ta taso wa yaron a gida, ya taɓa jika 50 daga kuɗin da wani mai kanti ya biya, da niyyar mayarwa ƙarshen wata. Da mai kanti na biyu ya biya, sai ya ɗauki wannan ya rufe na farko. Na uku ya rufe na biyu. Kaye kullum tsaf, babu gogewa, babu ɓata. Wata 7 ana haka, ramin yana faɗaɗa, sai da ya kai jika 400 da ɗoriya. Abin da ya tona shi ƙarami ne: na lura mutanen da shekara da shekaru suke biya cikin kwana 7 duk sun koma kwana 15 ko 20 a kaye. Maigidan ya kira ɗaya daga cikinsu yana masa ƙorafi cikin raha, mutumin ya ce, "Haba Alhaji, ai tun Lahadi waccan na ba yaronka." Yaron nan bai shigo da niyyar sata ba. An ba shi nama, an ba shi wuƙa, an kuma ce shi zai faɗi nauyin abin da ya rage. Duk wanda ke karɓar kuɗi, kada ya zama shi ke rubuta cewa an karɓa. Duk wanda ke riƙe makullin kaya, kada ya zama shi ke ba da izinin fitarsu. Takardarka ta farko a kan wannan za ta tsaya.

To ga yadda zan rubuta ta da ni ne kai. Shafi ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi. A sama sunan aikin, wurin aiki, da wanda yake karɓar umarni daga gare shi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Ka rubuta sunanka kai kaɗai, kuma ka faɗa wa mutanen gida. In ba haka ba, ran da ka yi tafiya yayanka zai aiko a ba shi bido biyu na mai "a rubuta", uwargida ta aiko a kawo buhun sukari na biki, yaron kuwa ba shi da bakin hana su.

Sai jimla ɗaya da ke faɗin dalilin aikin: "Duk abin da ya shiga mangaza da duk abin da ya fita ya kasance a rubuce, kuma abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke kaye a kowane lokaci." In ka kasa faɗin dalilin aiki a jimla ɗaya, alama ce aiki biyu ne ka cusa a riga guda.

Daga nan ayyukan, shida ko bakwai, kada su wuce. Sirrin rubuta su shi ne kowanne ya faɗi abin da za a yi, da lokacin yinsa, da shaidar da za ta rage bayan an yi. "Kula da mangaza" ba ta faɗi komai ba, ranar rigima kowa zai fassara ta yadda ta yi masa. Gwada wannan: "In kamyo ya zo, zai ƙirga kaya yayin saukewa, ya gwada da faktir, ya ware buhun da ya yage ko ya jiƙe da bidon da ke yoyo, ya rubuta adadinsu a kan takardar direba kafin ya sa hannu." Ka ga wannan "kafin ya sa hannu" ɗin? Ita ce ke raba asarar mai mota da asararka. Da zarar an sa hannu babu sharaɗi, kamyo ya kama hanyar Tsarnawa, buhun da ya yage ya zama naka. Ka ƙara cewa a kowane lodi zai ɗora buhu 5 ko 6 a sikeli, ba na sama kaɗai ba. Buhu mai kilo 25 da ya zo da 24 ba ya nunawa a ido, amma a buhu 200 an yi maka kwanciyar magirbi da buhu 8.

Na biyu: "Ba ya fitar da ko katon ɗaya sai da bon mai lamba da sa hannun maigida." Ka sayi karne mai kwafi uku, lambobi a jere. Fari na mai saye, ɗaya ya bi kaya zuwa mangaza, ɗaya ya rage a kanti wurinka. Bon da aka ɓata ba a yage shi, a ja masa layi a bar shi cikin karne. Na uku: "Kowane irin kaya yana da shafinsa a kaye, kuma yana rubuta shiga da fita a take, ba da yamma ba." Na huɗu: "Kafin rufewa zai ƙirga shinkafa, mai da sukari, ya kawo wa maigida kaye da bon na ranar." Na biyar: ƙirga ta gaba ɗaya sau ɗaya a wata, ku biyu tare, ku biyu ku sa hannu. Sai jera kaya a kan katako nesa da bango saboda damina da ɓeraye, tsohon kaya ya riga sabo fita, da duba kwanan wata a jikin katon. Sai tsayuwa kan ƴan dako da masu amalanke har kaya ya shiga motar mai saye.

Bari mu gwada da ranar aiki ɗaya, don ka ga yadda takardar ke aiki da kanta. Da safe kaye ya ce akwai shinkafa buhu 120. Kamyo ya sauke 80, sun zama 200. Bon uku sun fita, na 15, na 40 da na 22, jimla 77. Da yamma dole a tarar da 123. In an ƙirga an samu 121, to a daren nan za a nemi biyun, tun ƴan dako ba su watse ba, tun ana iya kiran direban motar Abalak a ce ya duba ko an ɗora masa 42 maimakon 40. Sau da yawa ma hakan ce, ba sata ba. Amma giɓin da ya kwana wata guda ba ya da uba. Kuma ka koya masa, kai ma ka kiyaye, ba a ƙirga tari daga waje. Tarin da ya yi kyau ta gaba yana iya zama da rami a tsakiya, saboda haka a jera shi yadda mutum zai iya zagayawa, a hau sama a leƙa.

Yanzu sashen da kusan kowa ke mantawa, kuma a wurina ya fi jerin ayyukan nauyi: abin da ba ya cikin ikonsa. Ka rubuta shi ƙarara. Ba ya rage farashi. Ba ya ba da bashi ko ga wa, ko da mutumin ya ce shekara 10 yana hulɗa da kai. Ba ya karɓar kuɗin bashi. Ba ya ba kowa makulli. Ba ya ajiye kayan wani a mangaza, ba ya kuma yin sarin kansa na irin kayanka. Wannan sashen garkuwa ce gare shi. Ranar da babban mutum ya matsa masa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuce yake, ba ni da iko, ga lambar Alhaji." Yaro ɗan shekara 25 ba zai iya kallon dattijo ya ce a'a da bakinsa ba, amma yana iya laɓewa bayan takarda.

Za ka ce to ran da na tafi Ƙonni ko Yamai fa, kanti ya rufe? A'a, amma ranar tafiya ma a rubuta ta tun yanzu, kada ta zama abin da ake shiryawa a bakin tasha. Manyan masu saye su turo maka kuɗi kai tsaye ta Nita ko Amana, in sun shigo ka aika masa saƙo a waya: wane, buhu kaza. Saƙon nan shi ne bon na ranar, ya rubuta lokacinsa a kaye, in ka dawo ka cike na takarda. Ƙananan masu saye kuwa ya sayar musu kuɗi hannu, a farashin da ka rubuta ka liƙa a bango, har zuwa iyakar da ka yanka, a ce jika 100 a wuni, kuma ya tura maka kuɗin kafin magariba da hoton rasit. Ranar da ka dawo, kafin ka sha ruwa, ku ƙirga. Wannan ita ce ƙofa ɗaya da kaya da kuɗi suke haɗuwa a hannunsa, shi ya sa aka yi mata ƙyaure.

Akwai kalmar da ƴan kasuwa ke son liƙawa a ƙarshe, "da duk wani aiki da maigida ya sa shi". Ka taƙaita ta: "da sauran ayyukan da suka shafi mangaza da kanti". In ka bar ta a buɗe, cikin wata uku zai koma kai yara lakwal, cefane da kai tunkiya wurin likitan dabbobi, kuma ran da buhu ya ɓace zai ce lokacin yana gidanka, gaskiya kuma ya faɗa.

Lokacin aiki da kuɗi su ma suna cikin takardar nan, kuma a nan dokar ƙasa ta shigo. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta sa awa 40 a sati, abin da ya haura kuma ana biyansa daban. Kantin da ke buɗewa bakwai na safe ya rufe bakwai na yamma kwana shida ya zarce haka nesa. Abin da ke taimakonka shi ne mangaza ba ta buƙatar tsawon lokacin kanti, kana iya rufe ta daga azahar zuwa la'asar, ka kuma sanar da masu saye lokacin ɗaukar kaya. Hutun sati awa 24 ne a jere, wanda a ƙa'ida Lahadi yake faɗawa, mu kuwa Lahadi ce ranar da ba ma iya rasa mutum. Saboda haka ka zaɓi wata rana, ka rubuta ta, ka kuma nuna wa ofishin sufeton ƙwadago na nan Tawa tsarin kafin ku sa hannu. Akwai kuma hutun shekara da albashi, kwana biyu da rabi kan kowane wata na aiki. Ka tsara shi ya faɗo lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ba gab da azumi ba.

Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi jika 42 ne a wata tun farkon 2024, da can 30.047 ne. Amma wanda za ka ba makullin kayan miliyoyi ba a tsaya masa a bakin ƙasa. Mu ɗauka ka yanka jika 60, misali ne kawai. Za ka yi rajista a CNSS, wato asusun inshora da fanshon ma'aikata, a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, ka yi masa shi ma. Kasonka 16,40 cikin 100 ne, wato 9.840, nasa kuma 5,25 cikin 100, wato 3.150 da za a cire daga albashinsa. Wannan cirewar ka faɗa masa tun ranar farko, kada ƙarshen wata ya ƙirga ya ga ba su kai 60 ba ya ɗauka ka cuce shi. Ka ɗora kuɗin abincin rana, dala ɗari sau kwana 26, jika 13 ke nan, da jika 2 na katin waya. Ka tashi a kusan jika 85. In ribarka a buhu dala ɗari ce, sai ka sayar da ƙarin buhu 170 kowane wata kafin ma'aikacin ya biya kansa, ko kuma asarar da zai toshe ta cike gurbin. Ka sa ribarka ta gaskiya a wannan lissafin. In bai fita ba, gara ka ɗauki na rabin wuni da ka ɗauki cikakke ka riƙa yi masa "sai an yi ciniki".

Wani abu kuma, ka faɗa a fili wace irin hulɗa ce. Mun gāji tsarin yaron kanti da ke zama ƙarƙashin ubangida, ci da sha da sutura a kansa, bayan shekaru a sallame shi da jari. Tsari ne mai kyau a wurinsa, amma daban yake da aikin albashi. Rigimar da na fi gani ita ce maigida yana ganin albashi ya wanke shi, yaron da iyayensa kuwa suna jiran sallama. Jimla ɗaya ta isa ta kashe wannan.

To yanzu takarda ta biyu. "Mai amana" ba za ta shiga ba, ba don amana ba ta da daraja ba, sai don duk wanda ya zo neman aiki zai ce yana da ita, kai kuma ba ka da ma'aunin aunawa a zama ɗaya. Abin da zai shiga shi ne wanda za ka iya gwadawa da idonka ko ka tabbatar daga bakin wani. Ka bi ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: me mutum yake buƙata ya iya wannan? Sai ka raba amsar gida biyu, na dole da na in an samu.

Na dole kada su wuce biyar. Ya iya karanta faktir da bon na Faransanci, ya rubuta lambobi da sunayen kaya yadda wani zai karanta. Ya iya tarawa, ɗebewa da ninkawa, da kalkuleta da kuma ba ita. Ya iya juya kuɗin baki zuwa kuɗin takarda. Ya kai shekara 18, yana da katin shaida, kuma gidansa ba nesa ba ne yadda zai buɗe a kan lokaci. Sai mutum biyu da suka san aikinsa, ɗaya aƙalla wanda ya taɓa ba shi riƙon kaya ko kuɗi.

Maganar kuɗin baki kada ka ɗauke ta wasa. Mu da baki dala muke ƙirgawa, a takarda kuwa tamma ake rubutawa. Mai saye zai ce "dala ɗari bakwai", abin da ya kamata ya sauka a kaye 3.500 ne. Na ga mai bak, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ya rubuta 700. Na kuma ga wanda ya tsaya a aji shida na firamare, ya girma a kasuwa, bai taɓa kuskurewa ba. Shi ya sa ba na sa takardar lakwal a cikin na dole. In ka rubuta "sai mai bak", ka kori wanda ya fi dacewa, ka jawo wanda ke jiran sakamakon gasar shiga aikin gwamnati, ran da sunansa ya fito ko sallama ba lallai ka samu ba. Birebe ka sa ta cikin na in an samu, tare da iya tuƙa moto da farmi, da saba amfani da WhatsApp wajen tura hoto. Jin Buzanci ma nan ne wurinsa in kana da masu saye daga Abalak da Cintabaraden. Lura da yadda na faɗe shi: jin harshen, ba zama ɗan ƙabilar ba. Dokar ƙwadago ta hana ware mutum saboda jinsi, addini, launi, asali ko naƙasa, saboda haka "namiji", "Ba'adare", "mai aure" ba su da gurbi a takardarka. Ko ba doka ma ba su auna komai. In ɗaukar buhu ne ke ranka, ka tuna ƴan dako ne ke ɗauka, shi ƙirga ce aikinsa. In kuwa da gaske zai riƙa ɗagawa, to ka rubuta shi cikin ayyukan da nauyin buhun.

Kowane abu na dole ka rubuta a gefensa yadda za ka gwada shi, kuma gwajin iri ɗaya ga kowa, har da ɗan ƙanwarka. Minti 30 sun isa. Ka kai shi mangaza, ka nuna masa tarin da ka riga ka zare buhu biyu daga tsakiyarsa, ka ce ya faɗa maka adadi. Kana kallon ko zai ninka tsawo da faɗi daga bakin ƙofa, ko zai zagaya ya hau. Ka ba shi tsohon faktir da ka sauya lamba ɗaya a ciki. Ka faɗa masa da baki: buhu 17, kowanne jika 13 da rabi, an biya jika 150, nawa ya rage? Jimla 229.500 ce, saura 79.500. Saurinsa bai dame ni ba, abin da nake so in gani shi ne ko zai sake dubawa kafin ya miƙo. A ƙarshe ka ce masa, "Ba na nan, ga babban mai sayenmu ya zo da mota, yana son buhu 30, ya ce mun yi magana, wayata kuma ba ta shiga. Ya za ka yi?" Wanda ya ce zai ba shi don kada a rasa mai saye yana da kirki, amma ba naka ba ne. Wanda ya ce zai ba shi haƙuri da ruwan sha har a same ka, shi kake biɗa.

Amana kuwa wurin tsohon ubangidansa ake jin labarinta, kuma da ƙafa ake zuwa, ba da waya ba. Kada ka tambaya ko yaron kirki ne, babu Bahaushen da zai toshe wa ɗan mutane abinci da bakinsa. Ka tambayi me ya riƙe masa, tsawon wane lokaci, me ya raba su. Sai ka ce, "Alhaji, in ya dawo gobe za ka sake ba shi makulli?" Ka saurari amsar, ka kuma saurari shirun da ya zo kafin ta. In an ce "to, ai ɗan Adam ne", ka ji abin da ka zo ji. Mai tsaya masa abu ne mai kyau, dattijon da zai zauna a shaida, amma kada ka riƙe katin shaidarsa ko takardar lakwal ta asali a matsayin jingina. Kwafi ya isa.

Takardun nan biyu ba su ne kwantara ba, sai dai ta farko a maƙala ta a jikin kwantara, ku sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe nasa. Ta biyu taka ce, ta zauna a aljihun tebur. Lokacin gwaji sai an rubuta shi yake zama gwaji. In ka ce da baki "zo mu gani", ya yi wata biyu, a idon doka ka riga ka ɗauke shi, rabuwa kuma sai ta bi ƙa'idar sallamar ma'aikaci. Ni wata guda nake sa wa mai albashin wata, kuma ina so ƙirgar ƙarshen wata ɗaya ta faɗo cikinsa. Ka rubuta da Faransanci saboda ofisoshi, amma ka karanta masa da Hausa layi-layi a gaban shaida, ka ba shi fassarar in da ita ya fi ganewa, ko da ajami ne.

Na ga masu rubuta "duk abin da ya ɓace za a cire a albashi". Kada ka sa. Doka ta hana maigida cin tarar ma'aikaci, cire kuɗi daga albashi kuma yana da hanyarsa da iyakarsa, ba a yinsa da ganin dama. Abin da zai tsaya maka a gaban sufeto ko alƙali shi ne ƙirgar da kuka sa wa hannu tare, wata bayan wata. Saboda haka ranar da zai fara, kafin makulli ya taɓa hannunsa, ku rufe mangaza rabin wuni ku ƙirga komai, har buhunan da suka yage da bidon da ya yi rabi, ku rubuta a shafin farko na sabon kaye da kwanan wata. Ka sauya kwado a ranar, don tsohon ba ka san hannu nawa makullinsa ya ratsa ba cikin shekara 6. Sabon makulli biyu ne, ɗaya nasa, ɗaya naka, kuma naka ma in ka buɗe da shi ba ya nan ka ɗauki ko katon ɗaya ne, ka rubuta bon ka ajiye masa a kan kaye.